Yadda za a tausasa amsoshin abokan ciniki ba tare da magana ta zama kame-kame ba

Assalamu alaikum. Ni ce nake kula da 'yan mata uku masu amsa saƙonnin abokan ciniki ta WhatsApp a wani shagon atamfa da leshi da shadda a Sabon Garin Zariya. Hajiyar da take da shagon ta tattaro mini amsoshi kusan sittin da yaran suka tura a watan jiya, ta ce mutane suna ƙorafin ana yi musu magana gatsal, in gyara su domin su zama abin da za a riƙa bi. Na zauna na tausasa su, amma da muka fara aiki da su sai wata matsalar ta ɓullo. Wata da aka ce mata za mu duba maganarta ta ɗauko atamfar da tela ya riga ya yanka, tun daga Samaru har shago, tana cewa mun yi alkawarin karɓa. Yaya zan yi amsoshin su yi laushi amma kowa ya fahimci inda muka tsaya?

Mai neman shawara, Sabon Gari

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Shawarata ta farko ita ce ki ajiye gyaran da kika yi a gefe, ki koma kan amsoshin yaran na asali, domin duk da kaifinsu akwai abin da suke da shi wanda bai kamata ya salwanta ba, wato sun faɗi hukunci. Yarinyar da ta rubuta "Ba ma karɓa" ta yi wa abokiyar ciniki magana ba daɗi, amma ba ta yaudare ta ba, kuma wadda ta karanta ta san ba ta da dalilin shiga keke ta taho. Abin da yake sa irin wannan amsa ta yi zafi ba hukuncin da ke cikinta ba ne, abubuwan da aka bari ne a gefensa. Ba a amsa gaisuwa ba, ba a nuna an karanta abin da mutum ya rubuto ba, ba a faɗi dalili ba, kuma ba a nuna masa abin da ya rage da zai iya yi ba. Mafi yawan masu gyara suna kuskuren taɓa hukuncin kansa, su rage masa ƙarfi har ya narke, alhali shi ne kaɗai bai kamata a taɓa ba. Tausasawa ƙari ne ake yi a kewayen hukunci, ba ragi daga jikinsa ba.

Saboda haka, kafin ki sauya ko kalma ɗaya, ki ɗauki kowace amsa tare da saƙon da abokin ciniki ya turo kafin ta, ki ja layi a ƙarƙashin abin da zan kira jigon saƙo. Jigon shi ne eh ko a'a, da adadin kuɗi, da rana ko lokaci, da kuma wanda zai yi abu na gaba. Duk abin da kika ja wa layi ya zama haramun ne a goge shi ko a sauya shi da kalma mai faɗi. Idan yarinya ta rubuta ranar Alhamis, ba za ta koma "nan ba da jimawa ba" ba. Idan ta rubuta naira 1,500, ba za ta koma "ɗan abin da bai taka kara ya karya ba" ba. Dole ne kuma a karanta amsar tare da tambayar da ta haife ta, domin amsa ɗaya tana iya zama daidai a wani wuri ta zama cin fuska a wani. Wanda ya rubuto "Nawa ne wannan?" aka ce masa "Naira 28,000 ne turmi" ba a yi masa laifin komai ba. Wadda ta yi sallama, ta tambayi gida da aiki, ta yi bayanin cewa bikin ƙanwarta ne ya matso, sannan aka jefa mata wannan adadin shi kaɗai, ita kam an yi mata rashin kyautawa.

Bari mu ɗauki maganar atamfar da aka yanka mu bi ta daki-daki, tunda a nan ne abin ya fi ciwo. A ce matar ta sayi turmi ɗaya, yadi shida, aka kai mata, ta ba tela ya yanka, sai daga baya ta ga launin bai yi daidai da na ankon da ake so ba, ta rubuto tana neman a canza mata. Amsar asali wataƙila ta ce: "Ba ma karɓa. An riga an yanka." Amsar da aka tausasa kuwa, irin wadda mai kyakkyawar zuciya yake rubutawa, takan zama kamar haka: "Ayya Hajiya, ki yi haƙuri, za mu duba mu ga abin da za a iya yi in sha Allahu." Ki lura da abin da ya faru tsakanin biyun. Ta farko tana da hukunci da dalili, ba ta da ladabi. Ta biyu tana da ladabi, amma hukuncin da dalilin duka sun tafi, kuma an shigo da wani sabon abu da babu shi a da, wato fata. Duk wanda yake cikin damuwar kuɗinsa, idan aka ce masa za a duba, abin da kunnensa yake ji shi ne za a yi. Matar ba ta yi muku ƙarya ba da ta ce an yi mata alkawari, domin abin da ta fahimta ke nan, kuma fahimtar tata tana da madogara.

Ga yadda zan so a rubuta ta: "Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga hoton, kuma na fahimci launin bai zo daidai da na ankon ba, abin bai yi daɗi ba ga shi biki ya matso. Sai dai ba za mu iya karɓa ko canza atamfar ba, saboda an riga an yanka, kuma wadda aka yanka ba ta sake sayuwa. Idan kina son launin ankon, ki turo mini hotonsa yanzu in duba miki ko muna da shi, zan ba ki amsa kafin ƙarfe 4 na yamma."

Wannan amsa ta fi ta asali tsawo da layi uku kawai, amma ki duba abin da kowane sashe yake yi. Jimlar farko ta nuna an karanta matsalarta ita kanta, ba a ɗauko mata amsar kowa da kowa ba, kuma wannan shi ne mafi yawan laushin da mutum yake nema. Jimla ta biyu ta faɗi a'a da kalmomin da ba su da fassara biyu. Ba a ce "zai yi wuya" ba, ba a ce "ba mu cika karɓa ba", domin waɗannan suna nufin akwai ƙofa a buɗe ga wanda ya matsa, kuma a kasuwa an saba cewa maganar farko ba ita ce ta ƙarshe ba. An ambaci karɓa da canzawa duka biyun, don kada ta dawo ta ce to ai ba kuɗi take nema ba, musanye take so. Dalilin da aka bayar gajere ne kuma gaskiya ne, kuma ya rataya a kan kayan, bai rataya a kan ta ba. Akwai bambanci babba tsakanin "an riga an yanka" da "ai ke kika yanka ba ki duba ba", ko da yake abu ɗaya suke nunawa. Jimla ta ƙarshe kuma ta ba ta abin da za ku iya yi da gaske, da lokacinsa. Idan babu abin da za ku iya yi, kada a ƙirƙiro shi don a cike gurbi, a tsaya a kan hukunci da dalili.

Wurin da ake ajiye hukuncin ma yana da muhimmanci. Mutane da yawa suna karanta saƙo ne daga sanarwar da ta faɗo a saman waya, ko su karanta layi biyu na farko suna cikin wani aiki su ajiye. Idan aka jera gaisuwa da ban haƙuri da addu'a da godiya har layi biyar kafin a zo ga "ba za mu iya ba", to wasu ba za su kai wurin ba. Jimla ɗaya ta gaisuwa da nuna fahimta ta isa, sannan hukunci ya biyo nan take. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, haka ne, amma a saƙon waya shimfiɗar ba ta bukatar ta wuce layi ɗaya.

Akwai wata dabara ta harshenmu da take taimakawa a wuri ɗaya ta kuma yi ɓarna a wani, kuma ina ganin ita ce tushen rabin amsoshin da suka zama kame-kame. Idan muna son mu nemi abu cikin ladabi, mukan kauce wa umarni kai tsaye mu ce "a turo rasit" ko "don Allah a ɗan turo mana", maimakon "turo rasit". Wannan yana da kyau ƙwarai wajen neman abu daga abokin ciniki, kuma yana raba ku da matsalar rashin sanin namiji ne ko mace ke magana, wadda take faruwa sosai tunda mata da yawa suna amfani da wayar mazajensu, maza kuma suna saya wa iyalinsu. Amma idan aka ɗauki wannan salon aka yi alkawari da shi, sai a wayi gari babu mai alkawarin. "Za a duba", "za a tuntuɓe ku", "ana kan aiki a kai", duk ba su faɗi wane ne zai yi ba, kuma yarinyar da ta rubuta ma ba ta jin nauyin yana kanta. Don haka ki kafa musu doka mai sauƙi: abin da ake nema daga abokin ciniki ana iya faɗinsa da "a", amma abin da shago zai yi sai an ce "zan" ko "za mu", kuma a haɗa shi da lokaci.

Wannan ya kawo mu ga in sha Allahu, wadda ba na so ki cire ta daga bakin yaran, domin Musulmi ba ya yin alkawarin gobe ba tare da ita ba. Abin da za ki hana shi ne a sa ta a mazaunin lokaci. "Kayanki za su iso in sha Allahu" ba ta faɗi komai ba, kuma mutane sun sha jin ta daga bakin wanda ba shi da niyyar cikawa har sun fara zarginta a wurin 'yan kasuwa. "Kayanki za su iso gobe Laraba kafin ƙarfe 2 na rana in sha Allahu" magana ce cikakkiya, ta ɗan Adam da ya yi azama ya kuma bar wa Allah ikonsa. Ina kuma ba da shawarar a riƙa haɗa sunan rana da kalmar gobe ko jibi, saboda saƙon da aka tura da dare ana iya buɗe shi da safe, sai goben mai rubutu ta zama yau ɗin mai karatu. Haka nan "bayan la'asar" tana da daɗin ji kuma kowa ya san ta, amma tana da faɗi, don wani zai fara jira da an sallame sallah, wani kuma yana ganin har magariba ana cikinta. Inda kuɗi ko isar da kaya suke, a faɗi ƙarfe.

To idan ba ku san lokacin ba fa? Nan ne yaran suke rubuta "Jira" ko "Bai iso ba", mai gyara kuma ya rubuta "nan ba da jimawa ba". A ce leshin da aka yi oda yana hanya daga Kano ko Legas, direba bai kira ba, kuma babu wanda zai iya rantsuwa a kan ranar isowarsa. Gaskiyar da kuke da ita ita ce ba ku sani ba, kuma ana iya faɗin ta a fili cikin mutunci. Abin da kuke da iko a kansa shi ne lokacin da za ku sake magana, sai a ba da wannan: "Malama, leshinki bai iso ba tukuna, kuma ba ni da tabbacin ranar da zai iso, ba na so in faɗa miki ranar da ba za ta tabbata ba. Zan sake rubuto miki gobe Talata da ƙarfe 12 na rana in gaya miki inda ake, ko ya iso ko bai iso ba. Idan kuma ba za ki iya jira ba, ki faɗa mini a mayar miki da kuɗinki." Wannan jimlar ta ƙarshe kada a sa ta sai in Hajiya ta amince da mayar da kuɗi a irin wannan hali. Sannan dole ne a cika alkawarin ƙarfe 12 ɗin ko da babu sabon labari, domin in aka saɓa shi, amsar mai laushi ta fi "Jira" muni, tunda ita "Jira" ba ta yi alkawarin komai ba.

Sai maganar ban haƙuri, wadda ake zubawa a ko'ina idan ana son tausasawa. "Ki yi haƙuri" tana aiki biyu a wurinmu: tana jajantawa, tana kuma neman afuwa. Idan laifin naku ne, kamar an kai shadda ruwan toka a maimakon ruwan ƙasa, to kada a ɓuya a bayan haƙurin jaje. A ce: "Kuskurenmu ne, mun aiko miki da launin da ba shi kika zaɓa ba. Ki yi haƙuri. Mai kai kaya zai zo da daidai ɗin gobe Asabar kafin ƙarfe 11 na safe ya karɓi wancan, kuma ba za ki biya kuɗin kawowa ba." Mutum yakan huce da wuri idan aka amsa laifi da baki ɗaya. Idan kuwa laifin ba naku ba ne, a nuna an ji zafin abin amma kada a yi maganar da za ta zama kamar amsa laifi, domin wanda aka ba haƙuri sau uku a saƙo ɗaya yakan ɗauka cewa ana bin ku bashin gyara. Sau ɗaya ya isa a kowane saƙo, kuma wasu saƙonnin ba sa bukatarsa sam.

Saƙonnin kuɗi su ne suka fi bukatar kulawa, saboda a nan gajeriyar amsa takan yi kama da zargi. Mutum ya tura kuɗi ta waya, an cire daga asusunsa, ya rubuto yana tambayar kayansa, sai a ce masa: "Kuɗi bai shigo ba. Turo rasit." Abin da yake ji shi ne ana cewa ƙarya yake yi. Mai tausasawa kuma sai ya rubuta: "Ba komai Alhaji, kada ka damu, za a daidaita." Wannan ta fi haɗari, domin Alhaji zai zauna yana jiran kaya, ku kuma ba za ku saki kaya ba sai kun ga kuɗi, kuma babu wanda ya faɗa masa haka. Ga matsakaiciyar hanya: "Sannu Alhaji. Na duba asusunmu yanzu da ƙarfe 3, naira 29,500 ɗin ba su bayyana ba tukuna, wani lokaci tura kuɗi tsakanin bankuna yakan yi jinkiri. Don Allah a turo hoton rasit ɗin da ke nuna sunan asusun da aka tura wa, da lokaci, da lambar shaidar turawa da ake kira Session ID. Ba ma sakin kaya sai kuɗin sun shigo, amma na ware maka turminka ba za a sayar ba har gobe da yamma. Zan sake dubawa da ƙarfe 5 in sanar da kai." A nan an faɗi adadi, an faɗi abin da ake bukata dalla-dalla yadda ba sai an yi ta kai da komo ba, an faɗi sharaɗin da ba ya son ji, kuma ambaton jinkirin banki ya ɗauke zargi daga kansa ba tare da kun amince cewa kuɗin sun iso ba. Neman sunan asusun da aka tura wa yana da amfani na musamman, domin wani lokaci a nan ake gano cewa lamba ɗaya ta kuskure kuɗin sun tafi wani wuri.

Game da tarin amsoshin gaba ɗaya, kada ki bi su ɗaya bayan ɗaya yadda suka zo, don za ki gaji kafin ki kai rabi, kuma gyaran farko ba zai yi kama da na ƙarshe ba. Ki ware na ƙin amincewa wuri ɗaya, na jinkiri wuri ɗaya, na neman wani abu daga abokin ciniki wuri ɗaya, sai na bayani kawai kamar farashi da adireshi da lokacin buɗe shago. Za ki ga wannan rukuni na ƙarshe ba ya bukatar komai sai amsa sallama da kiran mutum da girmamawa, kuma tsawaita su ɓata lokaci ne. Za ki kuma ga sauran suna maimaita kansu, ta yadda amsoshi sittin za su iya komawa 'yan ƙalilan. Wani abin da zai fito, wanda nake so ki sa masa ido sosai, shi ne amsoshin da ba za ki iya ja wa jigonsu layi ba saboda babu shi, ko kuma yarinya ɗaya ta ce ana canza kaya cikin kwana biyu wata ta ce cikin mako. Wannan ba matsalar lafazi ba ce, shagon ne bai yanke hukunci ba, kuma babu gwanintar rubutu da za ta rufe ta. Ki tattara irin waɗannan ki kai wa Hajiya ta faɗi matsayarta: kwana nawa ake karɓar kayan da ba a yanka ba, wa yake biyan mai kai kaya idan za a yi musanye, kwana nawa ake ɗauka kafin a mayar da kuɗi. Sau da yawa yarinya tana gajarta magana ne don tana tsoron ta faɗi abin da za a zo a tuhume ta a kansa.

Idan kin gama gyara, kada ki zama ke ce alƙalin aikinki, domin ke kin san abin da kike nufi, idonki zai cike miki abin da babu a rubuce. Ki ba wani wanda bai san maganar ba, ko mai gadi ko ƙanwarki a gida, ya karanta amsar sau ɗaya a fuskar waya, ki karɓe wayar, sannan ki tambaye shi: an yarda ne ko an ƙi, me ake so mutumin ya yi, kuma yaushe zai ji daga shago? Idan ya yi jim ko ya ce "kamar dai", amsar ba ta nuna ba tukuna. Daga nan sai ki karanta ta da murya kamar mutumin yana tsaye a gabanki a shago, ki ji ko za ki iya faɗa wa babbar mace haka ido da ido ba tare da kin ji kunya ba. Gwaji na farko yana kama kame-kame, na biyu yana kama kaifi, kuma sai amsa ta tsallake duka biyun za ta shiga cikin waɗanda za a riƙa bi. Bayan kun fara aiki da su, alamar da za ki riƙa dubawa ita ce saƙon da yake biyo bayan amsarku. Idan kina yawan ganin "To yaushe ke nan?" ko "Wato za ku karɓa?", an bar rami a amsar. Idan kuma kina ganin "Ai ba faɗa ba ne" ko mutum ya yi shiru bai sake dawowa ba, da sauran kaifi.

Tunda da WhatsApp kuke aiki, idan WhatsApp Business ne a wayar shagon, akwai wurin da ake kira Quick replies inda ake ajiye amsoshi har guda 50, kuma da an danna alamar / a wurin rubutu sai su fito a zaɓa. Wannan zai rage wa yaran nauyi, domin mafi yawan gajartar magana daga gajiya take zuwa, yarinya tana amsa mutum goma a lokaci ɗaya ga kuma masu shigowa shago. Amma ki yi hattara da abu biyu. Ki ajiye kowace amsa kashi biyu, ta namiji da ta mace, ko ki gina ta da "ku" da "a" yadda za ta dace da kowa, don babu abin da yake tona asirin amsar haddace kamar a ce wa Alhaji "ki yi haƙuri". Sannan ki bar gurbin rana da lokaci da adadi a fili yadda ba za a iya turawa ba a cike ba ba tare da an lura ba, kuma jimlar da take nuna an fahimci matsalar mutum a bar wa yarinya ta rubuta da hannunta kowane lokaci. Idan aka yi kuskure aka tura, manhajar tana ba da damar gyara saƙo cikin minti 15, amma in gyaran ya shafi kuɗi ko rana, ya fi kyau a sake tura sabon saƙo a ce an gyara, domin wataƙila an riga an karanta na farkon.

Wajen kiran mutane, Malam da Malama sun fi aminci ga wanda ba ku sani ba, Hajiya da Alhaji kuma ga wanda kuka san ana kiransa haka ko shekarunsa suka nuna. Zariya gari ne da ya tara jama'a, akwai ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello daga ko'ina a ƙasar nan, akwai mutanen Wusasa da na Sabon Gari da ba Musulmi ba, don haka a amsa wa kowa da irin gaisuwar da ya yi, wanda ya ce barka da rana a mayar masa da barka kadai.

Yaran kuma kada ki miƙa musu gyararrun amsoshi kamar takardar hukunci. Ki zauna da su, ki cire sunan wadda ta rubuta kowace amsa, ki sa su ja layin jigon da kansu, sannan kowace ta gwada ƙara jimlar fahimta da ta mataki na gaba. Ki gaya musu a fili cewa faɗin a'a da suka yi daidai ne kuma ba shi ake so su daina ba, don in ba haka ba abin da za su ɗauka daga zaman shi ne ana so su daina ƙin mutane, sai ku koma gidan jiya. Ita kuwa matar Samaru, tana da haƙƙin a kira ta a waya, ba a saƙo ba, a gaya mata cewa amsar da aka tura mata ba ta fito da matsayin shago a fili ba kuma wannan daga gare ku ne. Hukuncin atamfar yana nan yadda yake, amma ki nemi Hajiya ta amince a mayar mata da kuɗin motar da ta kashe zuwa da komawa, ko a ɗauke mata kuɗin kawowa idan ta sayi launin ankon.